Layi na Bakwai a Saƙon Maraba

Saƙon ya shigo wayar Auta ranar Laraba da hantsi, tana tsugune a bakin famfo tana cuɗa kayan 'yarta Kumatu. Ta goge hannu a zaninta ta ɗauki wayar, da ta ga sunan masana'antar batir a sama sai ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Shekara biyu kenan da ta gama karatun kimiyyar gwaje-gwaje. Ta yi intabiyu sau huɗu, a biyu daga ciki ta yi kuskuren ambatar tana da goyo, aka yi mata murmushi aka ce za a kira ta, har yau tana jiran kiran. A na huɗun ba a tambaye ta ba, ita ma ta yi shiru, aka ɗauke ta mai duba inganci a sashen farantai, inda ake shafa kwaɓin dalma a jikin farantan da ke cikin batirin mota. Tun satin da ya wuce ta yi sallama da kantin maganin da take tsarewa, har an sa wata a gurbinta.

Ta karanta a hankali, leɓenta na motsi.

"Barka da zuwa cikinmu. Ni ce jami'ar ma'aikata da kika gani ranar intabiyu. Ga abubuwan da ya kamata ki sani kafin Litinin:

1. Ki iso ƙarfe bakwai da rabi, ta ƙaramar ƙofa, ba ta babbar da manyan motoci ke shiga ba. Sunanki yana wurin mai gadi.
2. Ki zo da katin shaida, hoto biyu ƙanana, da asalin takardun karatunki.
3. Da safen za a ɗebi jininki a asibitinmu don a san yawan dalmar da ke jikinki tun kafin ki fara. Za a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci.
4. Ki aiko mini da lambar takalminki da girman rigarki, don a ware miki kayan aiki.
5. Kayan aiki ba sa fita daga masana'anta, mu ke wanke su. Kowa a sashenku sai ya yi wanka ya canza kaya kafin ya tafi gida.
6. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna komai a wurin aiki. Akwai ɗakin cin abinci.
7. Idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki sanar da ni a rubuce kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a.
8. Ki amsa wannan saƙon don in san ya iso."

Har layi na shida tana murmushi. Da ta zo na bakwai sai murmushin ya ɗauke. Ta koma ta karanta shi sau uku, ruwa na ta zuba a bokiti har ya cika ya fara malala tsakar gida. Daga ɗaki Kumatu ta yi ƙaramin kukan nan nata na tashi daga barci. Watanta shida da kwana goma, kuma ban da ɗan kunun da aka fara lasa mata, ba ta san komai ba sai nonon uwarta.

Yaya, babbar 'yar'uwarta, ita ce ta fara ganin saƙon, don gidanta na bayan nasu, kuma ita ce za ta riƙa zama da Kumatu idan an fara aiki. Tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta ɗaga tabarau ta karanta, ta miƙo wayar.

"To, sai me?"

"Yaya, na bakwai."

"Na gani, ai ba makauniya ba ce ni. Ki amsa na takwas, ki amsa na huɗu, na bakwai ki yi kamar bai fito a wayarki ba. Waye zai bi ki gida ya leƙa rigarki?"

"Za su ɗebi jini."

"Jinin zai gaya musu kina shayarwa ne? Ke ce mai ilimin, gaya mini."

Auta ta girgiza kai. Gwajin dalma dalma kawai yake nunawa, ta san wannan.

"To kin gani. Auta, ki saurare ni. Wannan layin tarko ne. Sun rubuta shi da ladabi don ki kawo kanki da ƙafarki. Kina cewa e, su ce ayya, wurin bai dace da ke ba, sai wani jiƙon. Kin manta mutanen can masu murmushi? Kin bar kantin magani, an maye gurbinki. Ina za ki koma?"

Auta ta ɗauki Kumatu ta sa a cinya, yarinyar ta kama nono tana wasa da ƙafa ɗaya a sama, kamar duniya ba ta da wata matsala.

Da yamma Baban Kumatu ya dawo daga gareji. Gyaran lantarkin mota yake yi, hannunsa kullum baƙi. Ya karanta saƙon yana tsaye, ya kai kan layi na biyar ya yi dariya.

"Har da wanka? Kin samu aiki da sabulu kyauta."

"Ka karanta ƙasa."

Ya karanta, dariyar ta tafi. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ni fa shekara goma sha biyu ina ɗaukar batir a kafaɗa, ga ni garau."

"Kai rufaffe kake ɗauka. Ni inda ake kwaɓa shi za a sa ni, gari ne, yana tashi a iska. Ana sa takunkumi, amma ba ya hana duka."

"In ya shiga jikinki, yana zuwa wurinta?"

"Yana bi ta nono. Ba duka ba, amma yana bi. Babba jikinsa na iya jurewa kaɗan, jariri ƙwaƙwalwarsa yake taɓawa. Kuma ba a gani yau, sai ta girma an sa ta a makaranta."

Ya dubi Kumatu da ke kwance tana cin yatsan ƙafarta. Auta ta san abin da bai faɗa ba: garejin ba kamar da ba, kuma tun ranar da takardar ɗaukar aikin ta zo ya fara tafiya da ƙarfi a ƙafarsa.

"Duk abin da kika yanke," ya ce a ƙarshe, "ni ina bayanki."

Ta so a ce ya yi mata faɗa, ko ya ba ta umarni. Da ya fi sauƙi.

Ranar Alhamis da sassafe Yaya ta shigo da gwangwanin madara da sabuwar kwalba.

"Na yi tunani," in ji ta. "Idan ba kya shayarwa, ai ba ƙarya kika yi ba. Daga yau zuwa Litinin kwana huɗu. A cire ta."

"Wata shida, Yaya?"

"Yara nawa suka tashi da gwangwani? Kawo ta nan."

Kumatu ta karɓi bakin kwalbar, ta ɗanɗana, ta ture da harshe. Aka sake, ta kau da kai. A karo na uku ta sandare ta saki wani irin kuka da Auta ba ta taɓa ji ba, fuskarta ta yi ja, tana miƙo hannu biyu wurin uwarta. Yaya ta ce ta fita tsakar gida, ganinta ne ke ɓata aikin. Auta ta fita ta tsaya jikin bango, ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe. Ta ƙirga minti ashirin a wayarta. A na ashirin da ɗaya ta shiga ta karɓe 'yarta.

Yaya ta zauna tana haki, madara duk a hannun rigarta. "Taurin kai dai an gada," ta ce. Can kuma ta tafa hannu. "Tsaya. Ba lambar matar nan ce a ƙarshen saƙon ba? Bari in kira da wayata, ba ta san ni ba. In tambaya kamar don wata. Mu ji bakinsu tukuna."

"Yaya, kar ki..."

Amma har ta danna, ta sa a lasifika, ta gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Salamu alaikum, ranki ya daɗe. Wata ƙawata ce ta ce in tambaya mata. Wai idan mutum zai fara aiki wurinku, kuma a ce, misali, yana shayarwa, me kuke yi masa?"

Ana jin ƙarar injin buga takarda a can ɓangaren.

"Baiwar Allah," in ji muryar, ba fushi ba dariya, "mutum biyu na aika wa saƙon nan a wannan satin. Ɗayan namiji ne, da gemunsa har ƙirji."

Yaya ta zaro ido. Auta ta dafe kai.

"Ki gaya wa ƙawar taki," jami'ar ta ci gaba, "maganar waya ba ta shiga fayil. Ba zan iya ɗaukarta in kai wa kowa ba, ba kuma zan yi alkawarin abin da ba ni kaɗai ke yanke shi ba. Idan tana da abin faɗa, ta rubuto da kanta kafin sha biyu gobe. Idan ba ta rubuto ba, jadawalin Litinin zai fita yadda yake." Ta kashe.

Kumatu ta ci gaba da tsotsonta.

"Mutum biyu," Yaya ta ce a hankali. "Masana'anta guda, a ɗauki mutum biyu kacal? Ni na zaci irin ɗari ne." Ta gyara ɗankwali. "To amma kin ji abin da ta ce. In ba ki rubuta ba, jadawali zai fita yadda yake. Ƙofa ta bar miki a buɗe, ki yi shiru ki shige."

"Ko kuma jira take ta ga ko ni maƙaryaciya ce."

"Ko kuma hakan," Yaya ta yarda, karo na farko a ranar muryarta ta yi ƙasa.

Juma'a ta zo da sauri. Auta ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta goge rigar da ta ware don Litinin duk da a goge take. Ƙarfe goma ta zauna da wayar. Ta rubuta, "Na ga saƙo, na gode, sai Litinin." Yatsanta na kan aikawa. Kalma bakwai, ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Sai ta ce bari ta sake duba saƙon ko ta manta wani abu. Idonta ya sauka a layi na biyar. Kayan aiki ba sa fita daga masana'anta. Ta tsaya a kansa. Mutanen nan ba su yarda riga ta bi ma'aikaci gida ba. Sun gina bandaki, sun sayi injin wanki, sun ɗauki mai wanki, duk don kada ƙurar ta kai ga yaran da ba su taɓa gani ba. Riga ana cire ta a rataye, fata ana wanke ta. Abin da ya shiga jini fa, a wace ƙusa za ta rataye shi kafin ta dawo ta ɗaga rigarta ta ba Kumatu?

Ta share kalmomin bakwai.

Rubuta na biyun ya ɗauke ta fiye da awa. Ta fara da ban haƙuri, ta share. Ta fara da labarin shekara biyun, ta share, ba roƙo ta zo yi ba. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in ta aika wannan:

"Na ga saƙonki, na gode. Game da layi na bakwai: ina shayar da 'yata mai wata shida, kuma ba zan yaye ta yanzu ba. Wadda ta kira jiya yayata ce, ki yi haƙuri. Ina son aikin nan, kuma zan iya yin sa a duk sashen da ya dace. Ina jiran abin da kuka yanke."

Alamar an karanta ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba.

Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce. Ta ɗora shinkafa ta manta ba ta sa gishiri ba. Duk motsin wayar sai ta rarumo ta, sau biyu saƙon kamfanin waya ne yana tallar waƙa. Yaya ta zo da ɗinkin hannu ta zauna a ƙofar ɗaki, ba ta ce ai na gaya miki ba.

Ƙarfe biyu da rabi wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar namiji ce, a bayansa injuna na ruri.

"Shugaban sashen farantai ne. Ke ce sabuwar mai duba inganci?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wata uku ina neman mutum a wurin nan. Na zaɓe ki a cikin tara. Yau, Juma'a da rana, ake gaya mini ba za ki iya shiga sashena ba. Me ya hana ki faɗa ranar intabiyu?"

Yaya na yi mata alama da hannu ta ce ta manta ne.

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe. Kuma na ji tsoro. Sau biyu na faɗa a wasu wurare, ba a sake kirana ba."

Ya ja numfashi. "Har yaushe za ki shayar?"

"Aƙalla shekara guda nan gaba."

"Shekara!" Ta ji ya ce wa wani a can ya rage gudun layin. "Kin san aikin gwada batir da aka gama? Caji, ƙarfin wuta, yoyo?"

"Na yi shi a wata shidan koyon aiki. Mijina ma mai lantarkin mota ne, mitarsa ni ke gyara masa ita."

"Ban tambaye ki mijinki ba. Ban ce komai ba tukuna." Ya kashe.

Auta ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Ta ɗauki Kumatu ta goya ta, ba don yarinyar na kuka ba, ta shiga kai da kawowa daga ƙofar ɗaki zuwa famfo. Ta san ofisoshi ƙarfe biyar suke tashi ranar Juma'a. Idan biyar ta yi ba a ce komai ba, ba ta san ko ta je Litinin ta tsaya gaban mai gadi yana neman sunan da aka soke ba.

Uku. Huɗu. Huɗu da rabi Baban Kumatu ya shigo, ya baro garejin da wuri. Ya dubi fuskarta, ya dubi Yaya. Ya zauna a kan turmi yana juya makullinsa.

Saura minti takwas biyar ta cika wayar ta yi ƙara. Auta ta kasa buɗewa. Ta miƙa wa Yaya, ta fizge kuma kafin Yaya ta karɓa.

"Wannan ya maye gurbin saƙon Laraba. Mun zauna da nas ɗin masana'anta da shugabannin sassa biyu. Ba za ki shiga sashen farantai ba muddin kina shayarwa. Abokin shigarki, wanda aka ɗauke ku tare, ya yarda ya koma can, ke za ki karɓi wurinsa a gwajin ƙarshe, inda batir ke zuwa a rufe. Ki sani wurin ya fi wahalar lokaci: ana farawa ƙarfe shida na safe a tashi biyu, har da Asabar, kuma tsayuwa ce daga farko har ƙarshe. Ranar Litinin dai ki zo bakwai da rabi kamar yadda na ce, ta ƙaramar ƙofa. Gwajin jini yana nan. Nas ta ce akwai ɗaki da firji a asibiti idan za ki tatsa, ki zo da kwalabenki masu murfi, ki wanke hannu sosai kafin ki shiga. Shugaban sashen farantai bai ji daɗi ba, gara ki sani. Ki gaishe shi in kun haɗu.

Ba ki amsa layi na huɗu ba. Mai ajiyar kaya zai rufe ƙarfe biyar."

Auta ta karanta a fili. Baban Kumatu ya sauke wani dogon numfashi ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ƙarfe shida?" in ji Yaya. "Wato biyar za ki kawo mini wannan mai taurin kan? Ni da ba na tashi sai rana ta taɓa taga?"

"Yaya, takalmi! Lamba nawa nake sawa?"

"Ƙafarki ce ko tawa? Talatin da tara."

"Wannan kafin haihuwa ne, duk sun matse ni yanzu."

Baban Kumatu ya riga ya duƙa ƙarƙashin gado, ya jawo takalmin da ta je intabiyu da shi, ya juya ƙasansa yana goge ƙura da babban yatsa. "Arba'in," ya ce.

"Ki ce arba'in da ɗaya," in ji Yaya. "Tsayuwar awa takwas, ga safa mai kauri. Riga kuma ki ce babba, ni na auna ki watan jiya, kar ki yi musu ƙaryar matsakaiciya."

Auta ta rubuta, ta aika, saura minti biyu. Amsa ta zo da kalma biyu: "An ware."

Ta kwance goyon ta zauna a ƙasa. Kumatu ta juyo tana lalubar rigarta. Yaya ta tsaya tana kallonsu, sannan ta ɗauki gwangwanin madarar daga kan tebur ta cusa a jakar ɗinkinta.

"Gobe da safe ki tatsa a kofi ki kawo mini," ta ce. "Kwalba dai ta ce ba ta so. Za mu gwada cokali, ni da ita, mu ga wanda zai gaji."